FASHIN BAƘI: Cirewa, sassauci da kiredit: kalmomi uku da ke sauya harajin da ake yanka a albashinka

Tun da sabuwar Dokar Haraji ta Najeriya ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026, magana ɗaya ta yi ta yawo a tsakanin ma'aikata: wai gwamnati ta yi wa masu zaman haya sassaucin da ya kai Naira 500,000. Wasu sun ɗauka kuɗi ne za a turo musu a asusun banki. Wasu kuma sun zaci za a rage Naira 500,000 daga harajin da suke biya. Dukkan fassarorin biyu kuskure ne. Ma'aikaciyar da ke karɓar Naira 200,000 a wata, take kuma biyan hayar Naira 300,000 a shekara, abin da wannan sassauci ya bar mata a aljihu Naira 750 ne kacal a wata.

Tushen ruɗanin kalmomi uku ne da dokokin haraji ke amfani da su, waɗanda akantoci ke kira didakshin, rilif da kiredit. A wannan rubutu za mu kira na farko cirewa, na biyu sassauci, na uku kuma mu bar shi da sunansa kiredit. Dukkansu suna rage haraji, amma kowanne da inda yake shiga cikin lissafi, kuma wurin shigar ne ke nuna yawan kuɗin da mutum zai amfana da shi, da kuma wanda ya fi cin moriyarsa tsakanin mai ƙaramin albashi da mai babba.

Lissafin a mataki uku

Duk harajin kuɗin shiga yana bin matakai uku. Da farko a tara abin da mutum ya samu a shekara. Sannan a fitar da adadin da haraji ya hau kansa, a ɗora masa kason da doka ta ƙayyade. Daga ƙarshe a samu harajin da ake bin mutum.

Mu ɗauki ƙananan alƙaluma domin abin ya fito fili. A ce wani mutum ya samu Naira 1,000 a shekara, a ƙasar da haraji yake kashi 20 cikin 100. Idan ba a rage masa komai ba, harajinsa Naira 200 ne.

Yanzu a ba shi cirewar Naira 100. Cirewa tana shiga ne tun kafin a ɗora kason haraji. Za a ɗauke Naira 100 daga Naira 1,000, a bar Naira 900. Kashi 20 cikin 100 na Naira 900 shi ne Naira 180. Harajinsa ya sauko daga Naira 200 zuwa Naira 180. Cirewar Naira 100 ta bar masa Naira 20.

Sai a sauya, a ba shi kiredit na Naira 100 a maimakon cirewa. Kiredit yana jira har a gama lissafi. Harajin ya fito Naira 200, sannan a ɗauke Naira 100 daga cikinsa kai tsaye. Abin da zai biya Naira 100 ne. Kiredit na Naira 100 ya bar masa Naira 100 cif.

Adadin da aka ambata ɗaya ne a duka biyun, amma ɗaya ya ninka ɗaya sau biyar a amfani. Cirewa tana rage kuɗin da ake lissafa haraji a kansa, don haka darajarta ita ce adadinta sau kason harajin mutum. Kiredit kuwa harajin kansa yake ragewa, Naira da Naira.

Sassauci ya bambanta da waɗannan biyun, domin shi ba sunan wata hanyar lissafi guda ba ne. Kalma ce mai faɗi da ke nufin duk wani sauƙi da doka ta yi wa mai biyan haraji saboda wani dalili, kamar ƙarancin samu, ko nauyin haya, ko gudun biyan haraji sau biyu a kan kuɗi ɗaya. Sassauci yana iya zuwa a matsayin cirewa, yana iya zuwa a matsayin kiredit, yana kuma iya zuwa ta hanyar yafe haraji a kan wani ɓangare na samu. A misalinmu, idan doka ta ce Naira 300 na farko babu haraji a kansu, za a lissafa kashi 20 a kan Naira 700, harajin ya zama Naira 140. Saboda haka duk lokacin da aka ce an yi sassauci, maganar ba ta cika ba sai an ji ta wace hanya aka yi shi.

Abin da dokar 2025 ta tanada

Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan dokokin gyaran haraji guda huɗu a ranar 26 ga Yuni, 2025, bayan watanni ana ce-ce-ku-ce a kansu, musamman a Arewa. Yawancin muhawarar ta tsaya ne kan rabon harajin kayayyaki na VAT tsakanin jihohi. Ɓangaren da ya shafi albashin ma'aikaci kai tsaye bai samu irin wannan kulawa ba, alhali shi ne ake gani a takardar albashi kowane wata.

A sabon tsarin, ana raba kuɗin da haraji ya hau kansu hawa-hawa. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye, wato har zuwa miliyan 3, kashi 15 cikin 100. Daga miliyan 3 zuwa miliyan 12, kashi 18. Daga miliyan 12 zuwa miliyan 25, kashi 21. Daga miliyan 25 zuwa miliyan 50, kashi 23. Abin da ya haura miliyan 50, kashi 25.

A nan akwai wani kuskure da ya kamata a kauce masa. Mutane da yawa suna kallon Naira 800,000 kamar nisabin zakka. A zakkar kuɗi, da zarar dukiya ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo, ana fitar da kashi biyu da rabi cikin 100 na dukiyar gaba ɗaya. Hawan haraji ba haka yake aiki ba. Wanda kuɗin da haraji ya hau kansu suka kai Naira 900,000, a kan Naira 100,000 da suka ɗora kawai zai biya kashi 15, wato Naira 15,000 a shekara. Naira 800,000 na farko an yafe wa kowa, har mai samun miliyan ɗari. Wannan shi ne sassauci ta hanyar yafewa.

Kafin a kai ga waɗannan hawa, doka ta yarda a cire wasu abubuwa: gudunmawar ma'aikaci ga asusun fansho, gudunmawar Asusun Gidaje na Ƙasa wato NHF, ta inshorar lafiya ta ƙasa, kuɗin inshorar rai, ruwan bashin da mutum ya ci domin gina gidan da yake zaune a ciki, sai kuma sassaucin haya. Shi sassaucin haya kashi 20 cikin 100 ne na hayar da mutum ya biya a shekara, kuma ba zai wuce Naira 500,000 ba. Sunansa sassauci, amma doka ta jera shi cikin abubuwan da ake cirewa. Wannan ne ya sa amfaninsa ya yi ƙasa ƙwarai da yadda ake zato.

Misali daga takardar albashi

Mu ƙaddara wata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa a Kaduna. Albashinta Naira 200,000 a wata, wato Naira 2,400,000 a shekara. Tana zaune a gidan haya na Naira 300,000 a shekara. Harajinta ana yanke shi ne daga albashi a tsarin PAYE, a tura wa hukumar tattara kuɗin shiga ta jihar da take zaune.

Da babu abin da za a cire mata, lissafin zai kasance haka: a fitar da Naira 800,000 da aka yafe, a bar Naira 1,600,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne Naira 240,000.

Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya zuba aƙalla kashi 8 cikin 100, mai aikinsa ya ƙara kashi 10. Domin sauƙin lissafi, mu ce ana ɗaukar kashi 8 ɗin a kan albashinta duka, wato Naira 192,000 a shekara. Idan aka cire wannan, saura Naira 2,208,000. A fitar da Naira 800,000, a bar Naira 1,408,000. Harajin ya zama Naira 211,200, wato Naira 17,600 a wata. Cirewar Naira 192,000 ta rage mata haraji da Naira 28,800, kuma kuɗin fanshon nata ne, yana nan a asusunta.

Sai haya. Kashi 20 cikin 100 na Naira 300,000 shi ne Naira 60,000. A cire shi, saura Naira 2,148,000. A fitar da Naira 800,000, a bar Naira 1,348,000. Harajin ya koma Naira 202,200 a shekara, ko Naira 16,850 a wata. Bambancin Naira 9,000 ne a shekara, Naira 750 a wata. Daga hayar Naira 300,000, an sauko zuwa cirewar Naira 60,000, daga nan kuma zuwa ainihin sauƙin Naira 9,000.

Yana da kyau a kwatanta da tsohon tsari. A da akwai sassauci na bai-ɗaya da ake kira CRA, wanda kowane ma'aikaci ke samu ba tare da ya nuna takarda ba: Naira 200,000 ko kashi ɗaya cikin 100 na samu, duk wanda ya fi yawa, sannan a ƙara kashi 20 cikin 100 na samun. Ga wannan ma'aikaciya, bayan cire fansho, sassaucin ya kama Naira 641,600, abin da ya rage Naira 1,566,400. Sai dai a wancan tsari haraji yana farawa tun daga Naira ta farko, da kashi 7, sai 11, sai 15, sai 19, har zuwa 24. Harajinta a da Naira 217,616 ne a shekara.

Ke nan sabuwar doka ta rage mata Naira 15,416 a shekara idan ta nemi sassaucin haya, ko Naira 6,416 idan ba ta nema ba. An ƙwace mata cirewa mai girma, an musanya mata da yafewa a hawan farko da kuma ƙaramar cirewa mai sharaɗi. Wanda ya ce mata an soke sassauci ya faɗi gaskiya, wanda ya ce an rage mata haraji shi ma ya faɗi gaskiya. Sai an yi lissafin duka biyun ake sanin inda ta tsaya.

Wa cirewa ta fi amfana?

Tunda darajar cirewa tana bin kason harajin mutum, cirewa ɗaya tana da daraja daban-daban a hannun mutane daban-daban. Mu ɗauki mutum biyu mu ajiye kusa da ma'aikaciyar jinyar.

Na farko mai gadi ne a asibitin, yana kan mafi ƙarancin albashi na ƙasa, Naira 70,000 a wata, wanda aka amince da shi a Yulin 2024. A shekara Naira 840,000 ke nan. Doka ta keɓe masu wannan albashi daga haraji, kuma ko da lissafi aka bi, cire fansho kaɗai ya sauko da shi zuwa Naira 772,800, ƙasa da Naira 800,000. Harajinsa sifili ne. Wannan alheri ne gare shi, amma yana nufin sassaucin haya ba shi da wani amfani a wurinsa. Ko da rabin albashinsa yake kai wa mai gida, babu harajin da za a rage masa.

Na biyu babban manaja ne mai albashin Naira miliyan 3 a wata, miliyan 36 a shekara, yana biyan hayar miliyan 3. Kashi 20 na hayarsa Naira 600,000 ne, amma doka ta tsayar da shi a Naira 500,000. Saman albashinsa yana hawan kashi 23, don haka cirewar ta rage masa Naira 115,000. Kafin mutum ya kai ga cikakken Naira 500,000 sai hayarsa ta kai miliyan biyu da rabi a shekara. Kuma mafi girman sauƙin da wani zai iya samu daga wannan tanadi Naira 125,000 ne, ga wanda ke hawan kashi 25.

Tanadi ɗaya ke nan: mai gadi bai samu komai ba, ma'aikaciyar jinya ta samu Naira 9,000, manaja ya samu Naira 115,000. Wannan ba ya nufin dokar gaba ɗaya ta fifita manajan, domin shi ne ya fi asara da soke CRA da kuma ɗaga kason saman haraji. Amma yana nuna halin cirewa a ko'ina take: tana ƙara daraja yayin da samu ke ƙaruwa. Da a ce an tsara sassaucin a matsayin kiredit na Naira 20,000 ga kowane mai haya, da ma'aikaciyar jinya da manaja sun samu daidai wa daida.

Akwai kuma waɗanda tanadin bai shafa ba sam. Wanda ke zaune a gidan kansa, ko a gidan gado tare da dangi kamar yadda ya yawaita a tsofaffin unguwannin Kano, Zariya da Katsina, ba ya biyan haya, don haka babu abin da zai nema, alhali a tsohon tsari yana samun CRA kamar kowa. Haka kuma doka ta ɗora sharaɗin cewa mutum ya bayyana ainihin hayar da ya biya. A garuruwan da ake ƙulla haya da baki, a miƙa wa dillali kuɗi hannu da hannu ba rasit, mai haya zai sha wahalar tabbatar da abin da ya biya idan aka nemi hujja. Ofishin biyan albashi kuma ba shi da hanyar sanin hayar ma'aikaci sai ma'aikacin ya kai bayani da kansa.

Kiredit na farko: kuɗinka da aka riƙe

Kiredit ɗin da talaka mai sana'a ya fi haɗuwa da shi a Najeriya shi ne na harajin da ake riƙewa tun daga wurin biya. Mu koma ga ma'aikaciyar jinyar. A ce wata ƙungiya ta ɗauke ta ta horar da jami'an lafiya na kwana uku a kan Naira 200,000. Ƙa'idojin riƙe haraji na 2024 sun sanya kashi 5 cikin 100 a kan irin wannan aikin ƙwararru. Ƙungiyar za ta riƙe Naira 10,000 ta tura wa hukumar haraji da sunanta, ta ba ta Naira 190,000.

A wajen aikin ta kashe Naira 40,000 a kuɗin mota da buga takardun horo. Tunda saboda aikin kaɗai aka kashe su, ana cire su. Ribarta Naira 160,000 ce. Idan aka ɗora wannan a kan Naira 2,148,000 na albashinta, an samu Naira 2,308,000, har yanzu tana hawan kashi 15. Ƙarin harajin Naira 24,000 ne. A nan ne kiredit ke shigowa: a ɗauke Naira 10,000 da aka riga aka riƙe, saura Naira 14,000 da za ta cika lokacin da ta miƙa bayanin samunta na shekara, wanda wa'adinsa ga ɗaiɗaikun mutane shi ne 31 ga Maris.

A wannan ɗan lissafi an ga bambancin a wuri guda. Naira 40,000 da aka cire sun rage haraji da Naira 6,000. Naira 10,000 na kiredit sun rage shi da Naira 10,000.

Kurakurai biyu ne suka fi faruwa. Na farko, mutum ya lissafa kuɗin da aka riƙe a cikin kuɗaɗen da ya kashe. Da ta yi haka, Naira 10,000 ɗin za su rage mata Naira 1,500 kawai, ta yi asarar Naira 8,500. Na biyu, mutum ya karɓi kuɗinsa ya tafi bai nemi takardar shaidar riƙewa ba, ko bai ba da lambar shaidar biyan harajinsa ta TIN ba. Idan babu hujjar da ta danganta kuɗin da sunansa, zai iya sake biyan abin da aka riga aka karɓa daga gare shi. Irin wannan kiredit ba kyauta ba ce daga gwamnati. Kuɗin mutum ne da ya biya tun kafin lokaci.

Akwai wani ruɗani makamancin wannan a takardar albashi. Ba duk abin da aka yanka daga albashi ne ke rage haraji ba. Biyan bashin banki, ko zubin ƙungiyar gama-kai ta ma'aikata, suna rage abin da ke shiga asusun ma'aikaci, amma harajinsa yana nan yadda yake. Abubuwan da doka ta lissafa ne kawai ake cirewa kafin haraji.

Kiredit na biyu: kuɗin da baitulmali ya haƙura da su

Nau'i na biyu shi ne wanda gwamnati ke bayarwa domin jawo wani aiki, kuma a Najeriya kamfanoni ne suka fi samun sa. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Umarnin Shugaban Ƙasa mai lamba 007, wanda ya ba kamfanoni damar gina ko gyara hanyoyin gwamnati da kuɗinsu, su fanshe ta hanyar kiredit daga harajin kamfanoni. Ƙarƙashin wannan shiri aka sanya hanyar Apapa zuwa Oworonshoki a Legas da kamfanin Ɗangote ya ɗauka, da ta Enugu zuwa Onitsha da MTN ya ɗauka. A 2021 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince wa kamfanin mai na NNPC ya ɗauki nauyin hanyoyi 21 a kan kimanin Naira biliyan 621.

Da ƙananan alƙaluma: kamfanin da ya kashe Naira 100 a kan hanya, idan cirewa aka ba shi a kason kashi 30 na manyan kamfanoni, Naira 30 zai maido, Naira 70 daga aljihunsa. Da kiredit kuwa yana maido da Naira 100 ɗinsa duka. Ma'ana jama'a ne suka biya kuɗin hanyar, kamfanin ya ba da rance ne kawai. Masu goyon bayan shirin suna cewa aiki ya fi sauri idan bai jira sakin kuɗin kasafi ba. Masu suka kuma suna nuna cewa harajin kamfanoni yana shiga Asusun Tarayya ne, wanda ake rabawa tsakanin Gwamnatin Tarayya, jihohi da ƙananan hukumomi. Duk Naira da aka fanshe ta kiredit ba ta shiga wannan asusu ba, don haka jihar da hanyar ba ta ratsa ba ita ma ta biya kasonta.

Dokar 2025 ta kawo wani kiredit ɗin. Ta maye gurbin tsohon tsarin hutun haraji ga masana'antun da ake kira na share fage da sabon tallafi, inda kamfanin da ya zuba jari a fannonin da aka fifita zai samu kiredit na kashi 5 cikin 100 na jarin da ya cancanta, kowace shekara har shekara biyar. Wanda ya zuba Naira miliyan 100 zai rage Naira miliyan 5 daga harajinsa duk shekara, jimilla miliyan 25. Da cirewa ce, miliyan 5 ɗin za su rage masa miliyan ɗaya da rabi ne kawai a shekara.

Kiredit ma yana da iyaka. Idan harajin mutum Naira 30 ne aka ba shi kiredit na Naira 100, harajin zai koma sifili, sai tambaya ta taso kan ragowar Naira 70. Ya danganta da yadda doka ta tsara: ko su faɗi, ko a ɗage su zuwa shekara mai zuwa, ko a biya mutum tsabar kuɗi. Amurka tana da irin na ƙarshen tun 1975, kiredit na ma'aikata masu ƙaramin samu, inda gwamnati ke biyan iyali ragowar idan ta haura harajinsu. Irin wannan ne kaɗai zai iya kai wa ga mutum kamar mai gadin asibitin, wanda babu harajin da za a rage masa.

Yadda za a auna alƙawari

Idan ɗan siyasa ko jami'i ya ambaci wani adadi da sunan sassauci, tambaya ta farko ita ce daga ina za a ɗauke shi: daga samu ko daga haraji? Idan daga samu ne, sai mutum ya ninka adadin da kason hawan da yake, domin ya ga ainihin kuɗin. Tambaya ta biyu, me mutumin da ba ya biyan haraji zai samu? Ta uku, wace takarda ake buƙata, kuma wa ke da ita?

Ga ma'aikaci kuma gwajin yana hannunsa. Ya ninka albashinsa sau 12, ya cire fansho da sauran abubuwan da doka ta lissafa, ya cire kashi 20 na hayarsa, ya ɗora hawan haraji, ya raba sakamakon gida 12, sannan ya kwatanta da layin PAYE a takardar albashinsa. Ga mai albashi da haya irin na ma'aikaciyar jinyar, idan layin ya nuna Naira 17,600 a maimakon Naira 16,850, ba a saka hayarsa a lissafi ba, kuma abin da ya rage shi ne ya kai rasit ɗin haya ofishin biyan albashi.